Kafin Ki Tura Kuɗin Tunkiya, Ki Ce a Buɗe Mata Baki



Sayen dabba ya dawo cikin waya. Dillali yana tsaye a kasuwar Wudil ko Maigatari ko Potiskum, ya ɗauki hoton tunkiya ya turo ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Hajiya, Balami ce, shekararta ɗaya da rabi, har da ciki." Ke kuma kina gida, kuɗin adashin da kika ɗauka suna hannu, ba ki da halin shiga kara ki dudduba da kanki. Da hoton nan kaɗai za ki yanke shawara a kan kuɗin da kika yi wata da watanni kina tarawa.

Hoto yana faɗar gaskiya a kan wasu abubuwa, yana yin shiru a kan wasu. Irin dabba yakan bayyana a hoto idan kin san inda za ki duba. Shekaru ba sa bayyana a jiki, sai a baki. Lafiya kuwa alama kawai hoto yake bayarwa, ba hukunci ba. Yau za mu bi waɗannan ukun ɗaya bayan ɗaya a kan tumaki da awaki, tunda su ne kiwon da ya fi yawa a hannun mata.

Hoton da ake fara turowa

Hoton farko kusan kullum na talla ne. Mai ɗauka yakan durƙusa ya ɗauko dabbar daga ƙasa, ya matso da wayar kusa da kanta. Duk abin da ya fi kusa da kyamarar waya yakan fito da girma fiye da yadda yake, shi ya sa kan ragon da ƙirjinsa suke cika hoton, bayansa kuma ya ɓuya. Idan ƙaramin yaro ne yake riƙe da igiyar, sai dabbar ta ƙara tsawo a ido.

Wannan hoton ba ƙarya ba ne, amma ba shi za ki yi aiki da shi ba. Ki nemi hotuna biyar, duk a hasken rana, ba a cikin rumfa mai duhu ba. Na farko daga gefe, dabbar tana tsaye a ƙasa mai daidai, babban mutum yana tsaye a jikinta don ki ga inda bayanta ya kai masa. Na biyu fuska daga gaba. Na uku daga baya, yadda za ki ga ƙarƙashin wutsiya da hantsa. Na huɗu baki, an janye leɓen ƙasa haƙora sun fito. Na biyar cikin fatar ido ta ƙasa. In da hali a haɗa da ɗan gajeren bidiyo tana tafiya. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ji nauyin wannan ba, domin aikin minti biyu ne. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan hoton baki, ya riga ya ba ki amsa.

Shekaru suna baki

Girman jiki ba ya nuna shekaru. Ɗan Balami mai wata takwas da ya sha dusa zai iya fin tsohuwar 'Yanƙasa tsawo. Ƙaho ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin girmansa ya danganta da iri da abinci, kuma yawancin tumakinmu mata ba su da shi. Abin da makiyaya da likitocin dabbobi suke dubawa shi ne haƙoran gaba.

Tunkiya da akuya suna da haƙoran gaba guda takwas, duk a ƙasa. A sama babu haƙoran gaba, dasashi ne mai tauri kawai. Don haka idan kika ga sama fayau a hoto, kada ki ce tsufa ne, haka Allah ya halicce su.

Kamar yadda yaranmu suke famfara, haka su ma suke yi. Ana haihuwar ɗan tunkiya, cikin makonnin farko ƙananan haƙoransa takwas suke fitowa, farare, sirara, kusan girmansu ɗaya. Daga baya sukan faɗi bibbiyu, manya masu faɗi su maye gurbinsu. Famfarar tana farawa daga tsakiya ta yi gefe, kuma da wannan jerin ake ƙidayar shekaru.

Idan duka takwas ɗin ƙanana ne, dabbar yawanci ba ta wuce shekara ɗaya ba, ko ta wuce da kaɗan. Idan biyun tsakiya sun zama manya, ƙanana uku-uku suna gefe da gefe, tana tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, ko ta ɗan haura. Manya huɗu, wajen shekara biyu. Manya shida da ƙarami ɗaya a kowane lungu, wajen shekara uku. Idan duka takwas sun zama manya, ta kai shekara uku da rabi zuwa huɗu, bakinta ya cika.

Ba za ki sha wahalar bambance babba da ƙarami ba muddin suna tare a baki ɗaya. Babban haƙori yakan yi kusan ninki biyu na ƙaramin a faɗi, kamar dai bakin yaro ɗan shekara bakwai da manyan haƙoransa biyu suka fito a tsakiyar ƙanana. Wannan lissafi kimantawa ce. Abinci da iri sukan sa famfara ta yi sauri ko ta jinkirta da 'yan watanni. Amma ba za ta yi kuskuren shekara biyu ba. Wadda take da manya shida ba 'yar shekara ɗaya ba ce, ko wa ya rantse.

Bayan baki ya cika, ƙidaya ta ƙare, sai duba lalacewa. Daga wajen shekara biyar haƙoran sukan fara cinyewa, bakinsu ya daƙushe, su rabu da juna, dasashi ya ja baya. Daga nan sai su fara girgiɗi, wasu su faɗi su bar giɓi. Dabbar da take cin ciyawa haɗe da yashi, irin na kiwon rani a ƙasarmu, haƙoranta sukan riga na mai cin harawa a turke lalacewa, don haka a wannan mataki ba a iya faɗin shekara daidai. Abin da za a iya faɗi shi ne, ta tsufa.

Inda aka fi yin kuskure

Akwai baki iri biyu da suke kama da juna a hoto, kuma a nan ne kuɗin mutane suke tafiya. 'Yar wata goma tana da haƙora takwas masu girma ɗaya. Tsohuwa 'yar shekara bakwai ita ma tana iya kasancewa da takwas masu girma ɗaya, waɗanda suka cinye har suka koma ƙanana. Duka biyun kuma kan sami 'yar tazara tsakanin haƙoran. Mai son ya sayar da tsohuwa a kuɗin budurwa, wannan kamannin yake fakewa da shi.

Ki faɗaɗa hoton da yatsunki ki duba da kyau. Haƙoran yarinya farare ne, bakinsu da kaifi, suna zaune sosai cikin dasashi. Na tsohuwa sun yi ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya, samansu a shafe yake, gindinsu siriri a fili saboda dasashin ya ja baya. Sannan ki koma hoton baya. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba hantsarta 'yar ƙarama ce a manne da jiki, kan nonon gajere. Wadda ta shayar sau da yawa hantsarta ta saki, kan nonon ya yi tsawo. Ba za ki sami sakakkiyar hantsa a jikin 'yar wata goma ba.

Me ya sa wannan ya dame ki? Tunkiya da akuya suna ɗaukar ciki wata biyar. Idan kika sayi mai manyan haƙora biyu ko huɗu, shekarun haihuwarta masu kyau duk suna gabanki. Idan kika sayi mai giɓi, wataƙila haihuwa ɗaya ko biyu ta rage mata, kuma ba za ta iya tsinkar ciyawa yadda ya kamata ba. Za ta ci dusarki ba ta yi ƙiba ba, in ta haihu nono ya yi ƙaranci. Ga mai sayen rago don turka kuwa, wanda yake da manya biyu zuwa huɗu ya riga ya yi ƙashi, abin da kika ba shi nama zai zama. Idan kuma na layya ne, manyan haƙora biyu a tsakiya suna kwantar da hankali cewa ya cika shekara.

Iri: kunne, hanci da launi

A tumakinmu na gida iri uku ne suka fi yawa a kasuwa, kuma kowanne yana da alamar da hoto yake kamawa.

'Yanƙasa ita ce ta kowa. Fara ce, da baƙi a kewayen ido, da kunne, da baki, wani lokaci har ƙafafu. Kunnenta gajere ne, yana miƙewa gefe, ba ya zubowa. Jikinta matsakaici ne. Ragon 'Yanƙasa yana da geza, wato dogon gashi a wuya da ƙirji, ƙahonsa yana lanƙwasowa kusa da kai.

Uda ba ta ɓuya. Rabin jikinta na gaba baƙi ne ko ruwan ƙasa, rabin baya fari, kamar an tsoma ta a rini an tsaya a tsakiya. Doguwa ce mai dogayen ƙafafu, kunnenta dogo a zube. Ƙahon ragon yana murɗewa ya buɗe gefe da gefe.

Balami ita ce babba a cikinsu, an fi saninta da ƙasar Borno. Fara ce fat daga kai har wutsiya. Hancinta yana da doro, kunnenta babba ne mai faɗi a zube, wutsiyarta doguwa siririya. Ragon Balami ba shi da gezar nan ta 'Yanƙasa.

Abin lura shi ne, tumaki a gari suna cuɗanya, don haka ruwa-biyu sun fi tsantsar iri yawa. Farar tunkiya mai ɗan dogon kunne amma da baƙi a ido, jinin 'Yanƙasa yana jikinta. Farin rago mai doron hanci amma da geza a wuya, shi ma haka. Ruwa-biyu ba aibi ba ne, sau da yawa ma sun fi jure wahala. Abin dai kada ki biya kuɗin Balami a kansu.

A awaki ma haka. Jar akuya, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi, ja ce wur ko'ina, gashinta gajere mai sheƙi, kunnenta gajere, mace da namiji duk suna da ƙaho. An san ta da yawan haihuwar tagwaye da kyawun fata. Akuyar Sahel, wadda wasu ke kira buzuwa, doguwa ce siririya mai dogayen ƙafafu, kunnenta yakan zubo. Gajeriyar akuyar kudu kuwa ƙafafunta gajeru ne, jikinta a dunƙule. Ita ce ake iya ɗauka a hoto a ce 'yar akuya ce da ba ta gama girma ba, alhali ta gama. Nan ma baki ne zai raba gardama.

Iri yana gaya miki ɗawainiyar da ke gabanki. Tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyinta a rana. Mai nauyin kilo 30 tana bukatar wajen kilo ɗaya na harawa da kowa da dusa a haɗe. Mai kilo 45 tana bukatar wajen kilo ɗaya da rabi. A wata guda bambancin ya kai kilo 15, a shekara kuwa buhuna ne. Balami da Uda dabbobin busasshiyar ƙasa ne, idan aka ajiye su inda ƙasa take da danshi da laka a damina sukan fi 'Yanƙasa shan wahala da ciwon kofato da tsutsar ciki. Idan tsakar gidanki ƙarama ce kuma ruwa yana kwanciya, 'Yanƙasa ko jar akuya za ta fi miki sauƙi, ko da ba ta kai Balami kyau a hoto ba.

Babban ciki ba ƙiba ba ne

Idon mai saye yakan tafi kan ciki, alhali ciki shi ne ya fi yaudara. Tumbin tunkiya yana ɓangaren hagu. Idan ta ƙoshi da ruwa da dusa kafin a ɗauki hoto, kwiɓin hagu zai cika, ta fito a murje. Washegari da safe sai ki ga wata dabbar daban.

Ƙiba a gadon baya take. A hoton gefe ki duba ko ana ƙirga haƙarƙari, ko ƙashin baya ya fito kamar bakin wuƙa, ko ƙasusuwan ƙugu sun tsaya. A hoton baya ki duba cinyoyi, ko a cike suke ko sun shafe. Dabbar da take da ƙaton ciki amma bayanta a rame, akwai abin da yake cinta. Yakan zama tsutsar ciki. A tumakin cikin gari masu yawo a juji kuma yakan zama leda. Ledar da suka haɗiya ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi ta dunƙule, dabbar ta rage cin abinci, ta yi ta ramewa ciki kuma yana nan tim. Babu maganin sha da yake fitar da tarin leda, sai tiyata ko wuƙa. Don haka ki tambayi inda aka kiwata dabbar, a turke ko a sake cikin gari.

Maganar "tana da ciki" ma hoto ba ya tabbatar da ita. A watannin farko babu abin da ido yake gani. Sai ciki ya tsufa ɓangaren dama yake fitowa, hantsa kuma ta fara cika a makonnin ƙarshe. Idan ba ki ga waɗannan ba, ki yi ciniki a kan tunkiya ɗaya. In ta zo da ɗa, riba ce.

Ido, hanci da ƙarƙashin wutsiya

Hoton cikin fatar ido yana nuna jini, kamar yadda ake duba namu a asibiti lokacin awo. Idan an ja fatar ido ta ƙasa, cikinta ya kamata ya zama ja ko ja-ja mai kyau. Idan ya koɗe ya koma fari-fari, jini ya yi ƙaranci, kuma a tumaki da awaki babban dalili shi ne wata tsutsa mai shan jini a ciki, wadda ta fi yawa a damina da bayanta. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu har kati suka tsara mai launi biyar, daga ja zuwa fari, don auna wannan. Sai dai launi a waya yana canzawa da haske, shi ya sa muka ce a ɗauka a waje da rana. Idan kuma kika ga kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa, kamar an ɗaura mata 'yar jakar ruwa, abin ya yi nisa. Tsutsa ce ta yi yawa ko ciwon hanta.

Waɗannan ana iya magance su idan ba su yi tsanani ba. Amma akwai alamu uku da idan suka haɗu, ki bar dabbar ko kyauta ce: majina mai kauri da ta bushe a hanci, kwantsa da ta manne ido, da zawo da ya ɓata ƙarƙashin wutsiya da cinyoyi. Haɗuwarsu alama ce ta annobar nan ta tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR. Tana yaɗuwa da sauri, ta fi kashe awaki, kuma dabba ɗaya tana iya shigo da ita ta kwashe duk abin da ke turkenki. Ba ta da maganin da yake kashe ta kai tsaye, riga-kafi ne kariyarta, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin allurar.

Ki duba leɓe kuma. Ƙuraje masu ɓawo a gefen baki ciwo ne da yake kama hannun mutum idan akwai rauni a fata, don haka a gidan da yara suke wasa da dabbobi sai an kula. Inda gashi ya zube fata ta yi kauri, musamman a kunne da fuska, ƙazuwa ce, kuma tana bin sauran dabbobi. A bidiyo ki duba ko tana ɗingishi, ko kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe, ko ta ware kanta ta sunkuyar da kai yayin da sauran suke cin abinci. Dabbar da kika gani a kwance tana tuƙa hankali kwance, wannan alama ce mai daɗi.

Ga hantsa, ɓangarorin biyu su zama daidai. Idan ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, ko ɗaya ya shanye, ta taɓa yin ciwon nono, kuma wataƙila ɓangare ɗaya kawai yake aiki. Ranar da ta haifi tagwaye, ke za ki koma shayar da ɗayan da kwalba.

Mu gwada da misali

Mu koma kan saƙon dillalin nan: Balami, shekara ɗaya da rabi, da ciki. A ce kin nemi hotuna biyar an turo.

A hoton gefe, fara ce, bayanta ya kai wa mai riƙe da ita tsakiyar cinya. Ana ganin haƙarƙari kaɗan, ciki ya ɗan fito a hagu. A hoton fuska akwai baƙi a kewayen idanu biyu da ɗigo a kan hanci, hancin a miƙe yake ba doro, kunne ya fi na 'Yanƙasa tsawo amma bai zubo sosai ba. Wannan ruwa-biyu ce, kuma jinin 'Yanƙasa ya fi yawa. Maganar Balami ta faɗi.

A hoton baki, manyan haƙora shida ne, da ƙarami ɗaya a kowane lungu. Duk suna tsaye, babu giɓi. Wajen shekara uku take, wato ninki biyu na abin da aka faɗa miki. A hoton baya, hantsa ta ɗan saki, ɓangarorin daidai suke, ƙarƙashin wutsiya tsaf. Ta taɓa haihuwa, nonon lafiya, babu zawo. Hantsar ba ta cika ba, ɓangaren dama bai fito ba, don haka ba a ga shaidar ciki ba. A hoton ido, cikin fatar ya ɗan koɗe amma bai yi fari ba, babu kumburi a haɓa, hanci a bushe babu majina.

To, a saye ko a bari? Wannan tunkiya ba ta da laifi. 'Yar shekara uku da ta taɓa haihuwa lafiya tana tsakiyar ƙarfinta, kuma ta fi sauƙi ga mai fara kiwo a kan wadda ba ta taɓa haihuwa ba, domin ta san yadda ake karɓar ɗa. Abin da ya canza shi ne kuɗi. Sai ki rubuta masa: "Malam, na ga hotuna, na gode. Amma ai ruwa-biyu ce, kuma manyan haƙoranta shida. Ciki kuma ban gan shi ba. A yi mini kuɗin 'Yanƙasa mai shekara uku." Dillalin da ya ga kin ƙirga haƙora, maganarsa ta gaba daban za ta fito.

Hotunan sun kuma gaya miki abin da za ki tanada kafin ta iso. Koɗewar ido da 'yar ramar nan suna nufin maganin tsutsa a makon farko, kuma a bar malamin dabbobi ya zaɓa ya auna da nauyinta, a kuma gaya masa ana zaton ciki, domin akwai magungunan tsutsa da ba a ba mai sabon ciki. Nauyinta ba zai wuce kilo 30 da wani abu ba, don haka ki lissafa wajen kilo ɗaya na abinci a rana, mafi yawansa harawa. Dusa a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Ramammiyar dabba da aka tara wa dusa ko hatsi ko ragowar tuwo a rana ɗaya, cikinta yakan kumbura ta yi zawo, har a rasa ta. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabanta kullum, da gishirin lasa.

Abin da sai hannu

Akwai abubuwan da hoto ba zai taɓa nunawa ba, komai kyawun wayar. Ba ya nuna zazzaɓi. Ba ya nuna ƙullutu mai tauri a cikin hantsa. Ba ya nuna haƙorin da yake girgiɗi bai faɗi ba. Ba ya kuma nuna cutar da dabba ta ɗauko a kasuwa jiya, domin annobar da muka ambata takan yi kwanaki a jiki kafin majinar farko ta fito. Kasuwa kuwa ita ce mahaɗar dabbobi daga ko'ina.

Saboda haka abu biyu. Idan akwai wanda kika yarda da shi a kusa da kasuwar, maigida ko ƙane ko ɗa, ya je ya sa hannu kafin ki tura kuɗi. Ya danna gadon baya ya ji ko nama ya rufe ƙashi, ya taɓa hantsa, ya buɗe baki ya tabbatar wadda aka ɗauki hotonta ce ake shirin ɗora wa mota. Baƙin da ke fuska da wani tabo a kunne su ne shaidarki, ki ajiye hotunan har ta iso ki gwada.

Na biyu, idan ta iso kada ki haɗa ta da na gida. A kafa mata turke daban, nesa da sauran, da kwanon ruwanta da na abincinta, har mako uku. A ciyar da na gida tukuna sannan a zo kanta, a wanke hannu bayan an gama. Ki gaya wa yara haka, domin su ne masu ɗaukar ragowar harawa daga wannan turke su kai wancan. Idan mako uku ya cika tana ci, tana tuƙa, hanci da ido tsaf, a yi mata riga-kafi in ba a yi ba, sannan ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Kafin ki sayi wata, ki fara da na gidanki. Gobe da safe ki sa a riƙe miki akuyar da kika san ranar da aka haife ta, ki janye leɓen ƙasa ki ƙirga manyan haƙoranta, ki ga ko lissafin ya zo daidai. Baki biyu ko uku za ki duba idonki ya saba, daga nan hoton dillali ba zai yi miki wuyar karantawa ba.

Allah ya sa albarka a kiwo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.